An dawo mini da takardar neman amincewa da kwanon rufi, an ce in kwatanta shi da ƙa'idar aiki layi bayan layi

Sadiq_Dawanau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki da wani ɗan kwangila da ke gina siton ajiye hatsi a wajen Kano, kuma mun kusa kaiwa ga rufi. Na tura wa injiniyan da ke duba aikin ƙasidar kamfanin da zai buga mana kwano, da takardar shaidar gwaji daga masana'antar ƙarfen, da samfurin kwanon, sannan na rubuta a shafin gaba cewa kayan sun dace da ƙa'idar aiki. An dawo mini da su ba tare da amincewa ba, an rubuta cewa in sake turowa da shafin gaba wanda ya kwatanta kwanon da kowane layi na ƙa'idar. A ganina duk abin da yake nema yana cikin takardun da na haɗa masa, karantawa kawai zai yi. Ƙa'idar ta ce ƙarfe mai rufin alminiyam da tutiya bisa ASTM A792M, kauri milimita 0.50 BMT, rufin kariya AZM150, ƙarfin ƙarfe MPa 550, fenti maikiron 25 a sama, tsayi guda daga tsororuwar rufi zuwa bakin indararo ba tare da haɗi ba, ƙusoshi masu barima da zoben roba, da garantin shekara goma. Ƙasidar kamfanin ta ce 0.50, takardar gwajin ta ce AZ50 da 550. Ina neman wanda ya saba da irin wannan shafi ya nuna mini yadda ake tsara shi, kuma ya gaya mini ko da gaske akwai buƙatarsa.

Inj_Hauwa: Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Akwai buƙatarsa, kuma lambobin da ka kawo sun isa su nuna dalili, domin biyu daga cikinsu ba su amsa tambayar da ƙa'idar ta yi ba. Ga yadda nake so in ga shafin idan ya zo teburina. A samansa akwai sunan aikin, lambar takardar da karo na nawa ake turo ta, sashen ƙa'idar da ake magana a kai, sunan wanda ya yi ƙarfen da sunan wanda zai buga shi ya zama kwano, domin sau da yawa kamfanoni biyu ne daban. A ƙasa sai jadawali, kowane layi na ƙa'idar da nasa jeri. Gida na farko lambar sakin layin, na biyu abin da ƙa'idar ta nema yadda aka rubuta shi ba tare da ka taƙaita ba, na uku abin da kwanonka yake da shi da lamba da ma'auninta, na huɗu takardar da ta tabbatar da hakan da shafin da zan buɗe in gani, na biyar hukuncinka. Hukuncin kuma uku ne kawai, ko ya dace, ko ya saɓa, ko babu shaida tukuna. Gida na uku shi ne zuciyar shafin. Idan ka rubuta “ya dace” a nan maimakon lamba, ba ka kwatanta komai ba, ka dai maimaita maganar da aka dawo maka da ita. Amfanin shafin ga kai kanka ya fi amfaninsa ga injiniyan, domin lokacin da kake neman lambar da za ka sa a kowane jeri ne za ka gano inda takardun mai kaya suka yi shiru, tun kafin a yanka kwano gwargwadon tsayin rufinku, wanda ba a mayar da shi idan an yanka.

Kafinta_Ilu: Ni dai shawarata ga Malam Sadiq ita ce ya bar wannan kwano ya ɗauki dogon kwanon alminiyam mai kauri 0.55, domin na daɗe ina rufi da shi kuma ban taɓa ganin ya yi tsatsa ba. Idan ya kai wa injiniyan abin da ya fi wanda aka nema, ban ga dalilin da zai sa a tsaya cike-ciken takardu ba.

Inj_Hauwa: Malam Ilu, alminiyam kaya ne mai kyau, amma ba shi ƙa'idar ta nema ba, saboda haka zai faɗi tun a jeri na farko. Kuma 0.55 na alminiyam bai fi 0.50 na ƙarfe ƙarfi ba, domin alminiyam ya fi ƙarfe saurin lanƙwasa da kusan ninki uku, yana kuma miƙewa da zafi kusan ninki biyu. An riga an lissafa tazarar ƙarafan da za a shimfiɗa kwanon a kansu bisa ƙarfe. Wanda yake son canza nau'in kwano takardar neman canji zai rubuta, a sake lissafi da farashi, wannan kuwa wata hanya ce daban da wadda muke kanta.

Bello_Maiƙarfe: Ba sai an wahalar da kai ba, a wurin AZ50 ɗin nan maganar ta ƙare. An nemi giram 150 na rufin kariya a kowace murabba'in mita, an kawo giram 50, wato kashi ɗaya cikin uku. Irin wannan kwano ne yake fara jan tsatsa a bakin yanka da gefen ƙusa bayan 'yan damuna kaɗan. Malam Sadiq ya rubuta “ya saɓa” a wannan jeri ya nemi wani mai kaya.

Inj_Hauwa: Alhaji Bello, ƙila ka yi daidai, amma ba za mu iya yanke hukunci daga abin da ke gabanmu ba. A ma'aunin ASTM A792 na Amurka, AZ50 na nufin oza 0.50 a kowace murabba'in ƙafa, jimillar fuskokin biyu, wanda idan aka juya shi yake kaiwa kimanin giram 150 a murabba'in mita, wato daidai da AZM150. Amma kuma a kasuwar naɗin ƙarfen da ake shigowa da shi ana rubuta AZ50 da nufin giram 50, kamar yadda ka faɗa. Alama ɗaya ce take iya zama cikakken abin da aka nema ko kuma sulusinsa. Malam Sadiq ya duba takardar gwajin ya ga ko akwai gidan da aka rubuta nauyin rufin da aka auna tare da ma'auninsa. Idan akwai, wannan lambar zai sa a gida na uku. Idan babu, hukuncin jerin shi ne babu shaida tukuna.

Bello_Maiƙarfe: Na ji bayaninki Injiniya, kuma na karɓa. Sai dai har yanzu ina kan cewa idan farashin da aka ba su ya yi ƙasa sosai da na sauran masu kaya, to giram 50 ɗin ne, domin babu mai sayar da cikakken rufi da kuɗin siriri.

Nura_Masana'anta: Ina aiki a wurin da ake buga kwano, kuma ina so in yi magana a kan kaurin, domin kullum mu ake ɗora wa laifi. Idan muka sayi naɗin ƙarfe bisa ASTM, kaurin da aka rubuta ya haɗa da ƙarfen da rufin kariyar da ke kansa, haka ma'aunin yake lissafi. Maganar BMT, wato kaurin ƙarfen zalla kafin a shafa masa komai, ta fi yawa a tsarin Ostireliya. Saboda haka wanda ya rubuta 0.50 a ƙasidarsa ba lallai ne yana da niyyar cuta ba. Wanda ya rubuta ƙa'idar ne ya haɗa tsari biyu a wuri guda. Abin da zan amince da shi shi ne cewa a kasuwa ana sa na'urar awo a kan kwanon da aka gama fentinsa a kira abin da aka gani kauri, kuma da wannan lambar ake ciniki.

Inj_Hauwa: Malam Nura ya faɗi gaskiya game da yadda ASTM yake lissafi, amma wanda ya rubuta ƙa'ida yana da damar ya nemi abin da ya zarce ma'aunin da ya ambata, kuma tunda ya rubuta BMT ƙarara, ƙarfen zalla yake nufi. Bari mu yi lissafin a kan kwanon Malam Sadiq. Rufin giram 150 yana da kaurin kimanin maikiron 20 a kowace fuska, wato milimita 0.04 gaba ɗaya. Fentin sama maikiron 25 ne, na baya kuma bai cika wuce 5 zuwa 7 ba, mu ce milimita 0.03 duka. Idan 0.50 ɗin ƙasidar kaurin kwanon da aka gama ne, to ƙarfen da ke ciki kimanin 0.43 ne, ya gaza abin da aka nema da kashi 14 cikin ɗari. Kwanon da zai cika wannan ƙa'ida kuwa, idan aka sa masa na'urar awo da fentinsa, kusan 0.57 zai nuna. Wannan bambanci ba na ado ba ne. Fenti da rufin kariya ba sa ɗaukar nauyi, ƙarfen ciki ne yake riƙe kwanon tsakanin ƙarafan da aka shimfiɗa shi a kansu idan ma'aikaci ya taka, kuma shi ne yake hana kan ƙusa yage kwano ya fita idan iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashin rufi tana ɗaga shi sama. A siton hatsi mai faɗin rufi da manyan ƙofofi, wannan ɗagawar ce abin tsoro. Jadawalin tazarar da masu buga kwano suke bayarwa ma na wani kauri ne takamaimai, ba ya aiki a kan wanda ya fi shi siranta.

Kafinta_Ilu: Mu a wurin aiki da hannu muke ganewa, domin kwanon da aka rage wa kauri yana lotsawa idan ka taka tsakiyarsa, ƙararsa ma daban ce. To amma ta yaya yaro zai tabbatar da kaurin ƙarfen ciki alhali fenti ya rufe shi?

Malama_Rabi_QS: Akwai gwaji mai sauƙi da nake sa a yi kafin a kai ga ɗakin gwaji, wato awon nauyi. A karɓi yanki miƙaƙƙe daga naɗin kafin a buga shi, santimita 50 a kowane gefe, wanda yake rubu'in murabba'in mita. Ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 7.85 a murabba'in mita, saboda haka idan ƙarfen 0.50 ne, tare da rufinsa da fentinsa, yankin zai yi kimanin kilo 1.03. Idan 0.43 ne zai tsaya wajen giram 890. Sikeli mai kyau zai nuna wannan tazara ba tare da gardama ba. Iyakar gwajin ita ce ba zai warware maganar Alhaji Bello ba, domin idan rufin giram 50 ne, ƙarfen ciki zai ɗan fi kauri, yankin ya yi kusan giram 920, wanda ya yi kusa da 890 ƙwarai. Nauyin rufin kariya sai a ɗakin gwaji, inda ake auna yanki, a narkar da rufin da sinadari, a sake aunawa, bisa ASTM A90. Kuma a tuna cewa ma'aunin ya halatta ɗan sama da ƙasa a kauri, adadinsa yana cikin ASTM A924M, don haka kada a ƙi kaya saboda bambancin 0.01.

Danjuma_Zariya: Ni tambayata daban ce, amma tana da alaƙa. Na rufa gidan kaji da irin wannan kwano mai alminiyam da tutiya, takardunsa duk sun cika, amma ya fara ci daga ciki da wuri. Shin wannan shafi zai iya kare mutum daga irin haka?

Inj_Hauwa: Ba zai iya ba, Malam Danjuma, kuma Allah ya mayar maka da alheri. Wannan nau'in rufi ba ya jure iskar ɗakin dabbobi mai ɗauke da ammoniya daga kashinsu, kamar yadda ba ya son ɗanyen siminti ko haɗuwa da tagulla da dalma, kuma masu yin sa da kansu suna cire irin waɗannan wurare daga garanti. Shafin yana tabbatar da cewa kaya sun yi daidai da ƙa'ida ne, ba ya tabbatar da cewa ƙa'idar ta dace da ginin. Abin da ya shafi Malam Sadiq a nan shi ne jerin garanti. Kada ya rubuta shekara goma ya wuce. Ya nemi rubutaccen garantin ya karanta ko hujewar kwano ya rufe ko koɗewar fenti, wane kamfani ne zai sa masa hannu, da abubuwan da aka keɓe, musamman tunda ana turara maganin ƙwari a siton hatsi.

Umar_Fagge: Idan kwanon yana da alamar SON, hukumar kula da ingancin kaya, ai gwamnati ta riga ta gwada shi. Me ya sa ba za a haɗa wannan shaida a rufe magana ba?

Malama_Rabi_QS: A haɗa ta, tana da jerinta idan ƙa'idar ta nemi haka, ta MANCAP ga abin da aka yi a gida, ta SONCAP ga abin da aka shigo da shi. Amma tana nuna cewa kayan sun cika ma'aunin ƙasa ne, ba ta san abin da aka rubuta a kwangilar wannan sito ba, kuma kamfani ɗaya yana iya sayar da kauri iri-iri duk da shaidarsa. Ina kuma so in ja hankalin Malam Sadiq a kan wani abu da ya shafi aljihun ubangidansa. A yawancin kwangiloli, amincewar injiniya ba ta sauke wa ɗan kwangila nauyin cika ƙa'ida, sai dai idan an bayyana saɓanin a rubuce kuma an amince da shi a rubuce. Wato idan ka ɓoye 0.43 a ƙarƙashin “ya dace” aka buga maka hatimi, ranar da aka auna aka gano, hatimin ba zai cece ku ba, za a iya cewa ku kwance rufin da kuɗinku. Idan kuwa ka rubuta “ya saɓa” ka faɗi adadin, ka kawo lissafin tazara da ragin farashi, mai aikin ne zai zaɓa da idonsa a buɗe.

Sadiq_Dawanau: Na gode muku duka. Na je masana'antar da tambayoyinku, kuma ga abin da na samo. Sun tabbatar da cewa 0.50 ɗin tare da fenti suke aunawa, kuma yankin da suka yanka mini ya yi giram 905. Takardar gwajin ba ta da gidan nauyin rufi, AZ50 kawai aka rubuta a wurin bayanin kaya. Sannan lambar naɗin da ke kan takardar ba ita ce ke kan tambarin naɗin da suka nuna mini ba, sun ce duk jirgi ɗaya ya kawo su. Ga yadda na cika jeri uku masu wuya. A kauri na rubuta cewa an nemi 0.50 na ƙarfe zalla, ana ba da 0.50 na jimilla, wanda a lissafi yake tsakanin 0.43 da 0.46 na ƙarfe, hukunci ya saɓa. A rufin kariya na rubuta AZ50 ba tare da ma'auni ba, hukunci babu shaida tukuna. A ƙarfin ƙarfe na rubuta 550 kamar yadda takardar ta nuna, hukunci ya dace. Tsayi ba matsala, za su buga mita 11.4 guda.

Inj_Hauwa: Jeri biyu na farko sun yi kyau. Na uku ba zan karɓa ba, domin takardar da ka dogara da ita ta wani naɗi ce daban. Jirgi ɗaya yana iya ɗauko naɗi masu ƙarfi iri-iri, kuma takardar gwaji tana magana ne a kan lambar da ke jikinta kaɗai. Har sai sun kawo wadda lambarta ta yi daidai da tambarin, wannan jeri ma babu shaida tukuna. Ka kuma ƙara wani gida a ƙasan shafin ka rubuta lambobin naɗin da za a buga muku, domin ranar da mota ta sauke kaya da su za a duba. Ban ga ka ambaci ƙusoshi ba. Su ma layi ne na ƙa'idar, ka rubuta tsayinsu da kaurinsu da irin rufin da ke jikinsu, da ko zoben na robar EPDM mai jure rana ne, domin robar banza tana tsagewa a rana ruwa ya bi ramin, ƙusa mai raunin rufi kuma tana riga kwanon tsatsa ta ɓata abin da ke kewaye da ita.

Nura_Masana'anta: Zan ƙara abu ɗaya da ƙa'idar ba ta ambata ba. Ƙarfen 550 mai tauri ne, ba ya son lanƙwasa mai tsanani, shi ya sa murfin tsororuwa da na gefe ake yawan yin su da ƙarfe mai taushi. Idan ƙa'idar ta ce duk kaya ɗaya ne, gara ya bayyana wannan tun yanzu a shafin.

Malama_Rabi_QS: A nan na saɓa da Malam Nura. Shafin na amsa layukan da aka rubuta ne, idan ka fara cusa abin da ba a tambaya ba za ka buɗe ƙofofin da za su jinkirta amincewa. Wannan tambaya ce da za a tura a takarda daban. Haka kuma ban ga amfanin tura shafi mai saɓani ɗaya da rashin shaida biyu ba, domin za a sake dawo da shi ne, a ƙara ɓata mako biyu. Gara ya tsaya ya nemi farashin naɗi mai 0.50 na gaskiya tukuna.

Inj_Hauwa: Ni kuwa na fi son ya tura yanzu, Malama Rabi. Idan injiniyan ya ga 0.43 a rubuce, zai iya faɗa tun yau ko akwai hanyar karɓarsa da rage tazarar ƙarafa ko babu, kuma wannan amsar ce za ta nuna ko ya cancanci a kashe kuɗin gwajin rufin wannan naɗi. Maganar murfin tsororuwa kuma, idan ƙa'idar ta ce a yi shi da irin kayan kwanon, to layi ne da yake buƙatar jerinsa.

Sadiq_Dawanau: Ƙa'idar ta faɗi haka, a sakin layin da ke bin na ƙusoshi, don haka zan ba shi jeri. Ƙarafan kuwa an riga an ɗaura su a tazarar mita 1.2, ƙara wasu a tsakani aiki ne babba. Ubangidana ya fi karkata ga ra'ayin Malama Rabi, ya ce in nemo farashi daga wurare biyu kafin mu tura komai. Malam Nura, idan na je neman farashin, wace lamba zan faɗa musu domin su kawo mini abin da zai cika 0.50 na ƙarfe zalla?

Nura_Masana'anta: Ka ce musu kana son naɗin da takardar gwajinsa ta nuna ƙarfe 0.50 kafin rufi, wanda da rufinsa zai kai kusan 0.54, da fenti kuma kusan 0.57, sannan su rubuta maka haka a takardar farashin tare da giram 150 na rufin. Ba kowa ne yake ajiye irinsa ba, saboda haka ka tambayi tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya iso, ka sa wannan ma a gaban ubangidanka.